Kuskuren Samfuri da Kuskuren da ba na Samfuri ba: Matsalar Rashin Amsawa a Binciken Tarho

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin harshe ba ya rabuwa da alƙaluman bincike. A littafi yakan ci karo da adadin masu magana da wani harshe, a jarida kuma yakan ga kashin mutanen da ke sauraron wata tasha, ko waɗanda suka iya karatu, ko masu goyon bayan wani ɗan takara. Galibin waɗannan alƙaluma ba a same su ta hanyar tambayar kowa da kowa ba. An tambayi wasu ƴan kaɗan ne, aka ɗauki amsarsu a matsayin amsar sauran jama'a. Waɗannan ƴan kaɗan su ake kira samfuri.

Duk adadin da aka samu daga samfuri yana tare da kuskure, kuma masana ƙididdiga sun raba kuskuren gida biyu. Akwai kuskuren samfuri, akwai kuma kuskuren da ba na samfuri ba. Wannan takarda za ta bayyana bambancin da ke tsakaninsu, sannan ta tsaya a kan nau'i ɗaya na kashi na biyu, wato karkatar da rashin amsawa ke haifarwa a binciken da ake yi ta tarho. Dalilin tsayawa a nan shi ne, rahoton bincike yakan faɗi girman kuskure na farko da lamba, amma ya yi shiru game da na biyu, alhali kuwa sau da yawa na biyun ne ya fi girma.

2.0 Kuskuren samfuri

Mai sayen gero a kasuwa ba ya zazzage buhu duka don ya san ingancinsa. Yakan cusa hannu ya ɗebo kaɗan ya duba. Idan geron a gauraye yake sosai, abin da ya ɗebo zai yi kama da abin da ke cikin buhun, sai dai ba zai zama daidai da shi ɗari bisa ɗari ba. Ɗiba ta farko tana iya zuwa da tsakuwa uku, ta biyu da biyar, ta uku da guda ɗaya. Babu wanda ya yi ha'inci, babu kuma wanda ya yi sakaci. Bambancin ya zo ne kawai daga cewa an ɗebi wani sashe an bar saura. Wannan shi ne kuskuren samfuri.

Kuskuren samfuri yana da halaye guda biyu masu kyau. Na farko, ba ya jingina gefe ɗaya: yau ya wuce gaskiya, gobe ya kasa ta, idan aka maimaita ɗiba sau da yawa sai matsakaicin sakamakon ya faɗa kan gaskiya. Na biyu, ana iya lissafa girmansa, muddin an zaɓi mutanen ta hanyar ƙuri'a, yadda kowane mutum yake da sananniyar damar shiga cikin samfurin. Ga ƙa'idar da aka fi amfani da ita idan ana auna kashi:

tazarar kuskure = 1.96 × √[ p × (1 − p) ÷ n ]

A nan p ita ce kashin da aka samu a samfurin, n kuma yawan mutanen da suka amsa. Alamar √ tana nufin a nemo lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da abin da ke cikin baka. Ita kuwa 1.96 ana sa ta ne don a sami tabbaci na kashi 95 cikin 100.

A ɗauki misali na ƙirƙira, wanda za a bi har ƙarshen takardar. Wani sashen jami'a yana son sanin kashi nawa na manyan mutanen wani gari ne suka iya karanta Hausa da rubutun boko. An tambayi mutum 1,000, sai 600 suka ce sun iya. Ke nan p ita ce 0.6. Idan aka ninka 0.6 da 0.4 za a sami 0.24, a raba da 1,000 a sami 0.00024; tushen wannan lamba kusan 0.0155 ne, a ninka da 1.96 a sami kusan 0.03. Saboda haka sai rahoto ya ce kashi 60 cikin 100 sun iya karatu, da tazarar kuskure ta maki 3, wato tsakanin kashi 57 da 63. Ma'anar tabbacin kashi 95 ita ce, da za a maimaita irin wannan ɗiba sau ɗari, a kusan casa'in da biyar daga ciki tazarar da aka lissafa za ta ƙunshi adadin gaskiya.

Idan aka sauya yawan mutanen da aka tambaya, kashin kuma ya tsaya a 60, ga yadda tazarar ke sauyawa:

mutum 100: kusan maki 9.6
mutum 400: kusan maki 4.8
mutum 1,000: kusan maki 3.0
mutum 4,000: kusan maki 1.5

Abin lura a nan shi ne, kafin tazarar ta ragu da rabi sai an ninka samfurin sau huɗu. Wannan ne ya sa yawancin binciken jin ra'ayin jama'a ke tsayawa a kan mutum dubu ɗaya zuwa dubu biyu, domin bayan nan kuɗin da ake kashewa ya fi amfanin da ake samu. Haka kuma yawan mutanen garin bai shiga cikin ƙa'idar ba. Samfurin mutum 1,000 yana ba da kusan tazara iri ɗaya ko garin na mutum dubu ɗari ne ko ƙasa ce ta mutum miliyan ashirin, kamar yadda ɗiba ɗaya ta isa a gane gero ko a buhu yake ko a rumbu, in dai a gauraye yake.

3.0 Kuskuren da ba na samfuri ba

Sharaɗin da aka ambata a sama, wato geron ya kasance a gauraye, shi ne ƙashin bayan lissafin. Idan mai gero ya zuba tsakuwa a ƙasan buhu ya rufe da gero mai kyau a sama, to ko sau goma mai saye ya ɗiba daga sama, sakamako ɗaya zai samu, kuma ƙarya ce. Ƙara yawan ɗiba ba zai taimake shi ba, sai ma ya ƙara masa sakankancewa a kan abin da ba haka yake ba. Irin wannan kuskure mai jingina gefe ɗaya shi ake kira karkata.

Duk kuskuren da bai samo asali daga ɗibar ƙuri'a ba ana sa shi a wannan kashi, kuma yana iya aukuwa ko da kowa da kowa aka tambaya, kamar a ƙidayar jama'a. Manyan nau'o'insa huɗu ne.

Na farko shi ne kuskuren jeri. Kafin a zaɓi mutane sai an sami jerin da za a zaɓa daga ciki, kamar jerin gidaje ko na lambobin tarho. Duk wanda ba ya cikin jerin ba shi da damar shiga samfuri. A binciken tarho, wanda ba shi da tarho ya fita tun kafin a fara.

Na biyu shi ne rashin amsawa: an zaɓi mutum, amma ba a same shi ba, ko an same shi ya ƙi.

Na uku shi ne kuskuren awo, wato an sami mutumin, ya amsa, amma amsar ba ta auna abin da ake nufi ba. Wannan ya shafi ɗalibin harshe kai tsaye, domin sau da yawa a wajen fassara tambaya yake shigowa. Idan aka tambayi Bahaushe ko ya yi karatu, wani zai fahimci karatun boko ake nufi, wani kuma zai haɗa da karatun allo. Idan aka ce mutum nawa ne a gidanka, wani zai ƙidaya waɗanda ke ci daga tukunyarsa kaɗai, wani zai ƙidaya duk mazauna babban gida har da iyalan ƙannensa. Akwai kuma kunya: wanda da ƙyar yake haɗa baƙi yana iya cewa ya iya karatu don kada mai tambaya ya raina shi.

Na huɗu shi ne kuskuren sarrafa bayani, kamar a shigar da amsa a gurbin da ba nata ba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan huɗun da ke cikin maki 3 da rahoto ya ambata. Tazarar kuskure tana magana ne a kan ɗibar ƙuri'a kawai.

4.0 Darasi daga zaɓen Amurka na 1936

Misalin da ya fi shahara a tarihin wannan fanni shi ne na mujallar Literary Digest ta ƙasar Amurka. Mujallar ta yi suna wajen hasashen wanda zai ci zaɓen shugaban ƙasa, domin ta faɗi daidai a zaɓuɓɓukan 1920 zuwa 1932. A shekarar 1936, lokacin da Franklin Roosevelt ya kara da Alf Landon, ta aika da takardun tambaya kusan miliyan 10 ta gidan waya. Ta samo yawancin sunayen daga littattafan lambobin tarho da rajistar masu motoci. Takardu sama da miliyan 2 suka dawo, wato ƙasa kaɗan da kashi ɗaya cikin huɗu. Bisa ga su mujallar ta yi hasashen cewa Landon zai sami kashi 57 na ƙuri'un da ke tsakanin ƴan takarar biyu, Roosevelt kuma kashi 43.

Da aka yi zaɓe, Roosevelt ya sami kusan kashi 62 na waɗannan ƙuri'u, Landon kuma bai ci ko'ina ba sai jihohi biyu, Maine da Vermont. Idan aka bi ƙa'idar da ke sashe na 2.0, tazarar kuskuren samfurin mutum miliyan 2 ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na maki ɗaya ba, amma hasashen ya kauce da kusan maki 19. A wannan shekarar George Gallup, da samfurin da bai kama ƙafar na mujallar ba wajen girma, ya faɗi daidai cewa Roosevelt ne zai ci. Mujallar ta daina fitowa a 1938.

Bayanin da aka daɗe ana koyarwa shi ne na kuskuren jeri: a lokacin matsin tattalin arziki na shekarun 1930, masu tarho da mota sun fi zama masu hali, su kuwa masu hali sun fi karkata ga Landon. Amma a 1988 masanin kimiyyar siyasa Peverill Squire ya sake nazarin lamarin, ta amfani da wani binciken Gallup na 1937 wanda ya tambayi mutane ko sun sami takardar mujallar da ko sun mayar da ita. Nazarin ya nuna cewa jerin ba shi kaɗai ne ya jawo kuskuren ba. Ko a cikin waɗanda suka sami takardar, magoya bayan Landon sun fi mayar da ita fiye da magoya bayan Roosevelt. Ke nan kurakurai biyu ne suka haɗu suka ja gefe ɗaya. Wannan bincike na wasiƙa ne, amma darasinsa ya hau kan na tarho daidai.

5.0 Yadda rashin amsawa ke zama karkata

A koma ga misalin garin da ake auna iya karatun Hausa, a ɗauka ta tarho aka yi binciken. Don a sami amsar mutum 1,000, an kira lambobi 5,000 waɗanda duk suna aiki. Daga cikin 4,000 da ba a sami amsarsu ba, 2,200 ba a taɓa samun su ba, ko tarhon a kashe yake, ko babu layi, ko ba a ɗauka ba. Wasu 1,300 sun ɗauka amma sun ƙi, wani yana tsoron ƴan damfara, wani yana cikin aiki. Sauran 500 kuwa an fara hira ba a gama ba, ko mai tambaya da mai amsa ba su da harshe ɗaya. Ƙimar amsawa ita ce 1,000 cikin 5,000, wato kashi 20 cikin 100.

Rashin amsawa shi kaɗai ba karkata ba ne. Da a ce waɗanda ba su amsa ba daidai suke da waɗanda suka amsa ta fuskar karatu, da asarar da aka yi ba ta wuce ta kuɗin kira ba. Karkata tana shigowa ne idan abin da ya hana mutum amsawa yana da alaƙa da abin da ake tambaya. Ga ƙa'idar:

karkata = (kashin waɗanda ba su amsa ba) × (sakamakon masu amsawa − sakamakon marasa amsawa)

A wannan misali akwai dalilin zaton alaƙar tana nan. Malamin makaranta ko ɗan kasuwa mai lantarki a kusa, tarhonsa a kunne yake kullum, kuma ya saba magana da baƙin murya. Manomin da ke wuni a gona, wanda sai ya je kasuwa yake cajin tarhonsa, ya fi wuyar samu. A ɗauka a cikin marasa amsawa kashi 40 ne kaɗai suka iya karatu, alhali a cikin masu amsawa kashi 60 ne. To adadin gaskiya a tsakanin duk mutum 5,000 shi ne: 0.2 sau 60, wato 12, a haɗa da 0.8 sau 40, wato 32, jimla 44. Binciken ya ce 60, gaskiya kuma 44. Karkatar ta zama maki 16, kamar yadda ƙa'idar ta nuna: 0.8 sau 20.

Yanzu a ga abin da zai faru idan sashen ya sami ƙarin kuɗi ya kira lambobi 20,000. Mutum 4,000 za su amsa, tazarar kuskure ta sauko zuwa maki 1.5, amma sakamakon zai ci gaba da zama kusan 60, karkatar kuma tana nan a maki 16. Rahoton zai ce tsakanin 58.5 da 61.5, ya ƙara nuna tabbaci ba tare da ya matso kusa da gaskiya ko da taki ɗaya ba. Abin da ya sami mujallar 1936 ke nan.

Har yanzu ba a taɓo waɗanda ba su da tarho ba. A ɗauka kashi 70 na manyan garin ne ke da tarho, kuma a cikin kashi 30 da suka rage, kashi 20 ne kawai suka iya karatu. Adadin garin baki ɗaya zai zama 0.7 sau 44, wato 30.8, a haɗa da 0.3 sau 20, wato 6, jimla kusan 37. Rahoto ya ce yawancin mutanen garin sun iya karanta Hausa, alhali kusan kashi biyu cikin uku ba su iya ba. Idan da wannan adadi hukuma za ta yanke shawarar ko ta isar da saƙon rigakafi ta takarda ko ta rediyo, to kuskuren zai bar yawancin jama'a ba su ji saƙon ba.

Ƙa'idar tana da sassa biyu, kuma kowane yana da nauyi. Da bambancin masu amsawa da marasa amsawa maki 2 ne kacal, da karkatar ta tsaya a 1.6 duk da ƙarancin amsa. Da kuma kashi 70 ne suka amsa amma bambancin yana nan a maki 20, da karkatar ta kai maki 6, ninki biyu na tazarar kuskure. Don haka ƙimar amsawa ita kaɗai ba ta nuna girman karkata. Robert Groves da Emilia Peytcheva sun tattara nazarce-nazarce 59 a 2008, suka gano cewa dangantakar da ke tsakanin ƙimar amsawa da girman karkata mai rauni ce. Karkata tana bin tambaya ne ɗaya bayan ɗaya: a bincike guda, wata tambaya ta fito daidai, wata kuma ta kauce.

6.0 Abin da binciken tarho na Amurka ya nuna

Daga shekarun 1970 tarho ya zama babbar hanyar jin ra'ayin jama'a a Amurka, musamman bayan da aka ƙirƙiro dabarar haɗa lambobi ta hanyar ƙuri'a, wadda ke kaiwa har ga gidajen da ba su cikin littafin lambobi. Wannan ya rage kuskuren jeri, amma daga baya rashin amsawa ya yi ta ƙaruwa. Cibiyar bincike ta Pew ta bayyana cewa ƙimar amsawa a bincikenta na tarho kashi 36 ce a 1997, ta sauko zuwa kashi 9 a 2012, sannan kashi 6 a 2018. Yawan kiran ƴan talla da kuma damar ganin lambar mai kira kafin a ɗauka suna cikin dalilan.

A 2012 cibiyar ta gwada sakamakonta da na manyan binciken gwamnati waɗanda yawancin mutane ke amsawa. A tambayoyi da dama sakamakon ya zo kusa. Amma a kan aikin sa-kai, kashi 55 na masu amsa tarho sun ce sun yi wa wata ƙungiya irin wannan aiki a cikin shekarar, alhali binciken gwamnati ya nuna kashi 27. Dalilin a fili yake: amsa tambayoyin baƙo na minti ashirin ba tare da lada ba shi kansa wani nau'in sa-kai ne, don haka masu wannan hali suka cika samfurin.

Zaɓuɓɓukan baya-bayan nan sun ƙara fito da matsalar. A 2016 binciken da aka yi a wasu jihohi ya kasa gano yawan magoya bayan Donald Trump. Ɗaya daga cikin dalilan da ƙungiyar masu binciken ra'ayin jama'a ta Amurka ta gano shi ne, masu digirin jami'a sun fi amsawa, sun kuma fi karkata ga Hillary Clinton, kuma da yawa daga masu binciken jihohi ba su gyara wannan rinjaye ba. A 2020 yawancinsu sun gyara shi, duk da haka binciken ƙasa baki ɗaya ya ƙara wa Joe Biden rata da kusan maki 4, kuskuren da ya fi na kowane zaɓe a cikin shekara arba'in.

7.0 Hanyoyin ganowa da na gyarawa

Wahalar wannan karkata ita ce, wanda bai amsa ba ba a san amsarsa ba. A misalin da ke sama an ɗauka ne kashi 40, amma mai bincike na gaske ba ya ganin wannan lamba. Duk da haka akwai hanyoyin da ke nuna alama.

Hanya ta farko ita ce maimaita kira, a ranaku da lokuta daban-daban, tare da rubuta a kira na nawa aka sami kowane mutum. A ɗauka mutum 600 da aka samu a kiran farko kashi 64 daga cikinsu sun iya karatu, amma 400 da sai da aka sha kira kashi 54 ne. Wannan gangara tana nuna cewa iya karatu yana raguwa gwargwadon wuyar samun mutum, don haka waɗanda ba a samu ba sam mai yiwuwa sun fi ƙasa. Iyakar wannan hanya ita ce, tana ba da labarin masu wuyar samu ne, ba na waɗanda suka ƙi da gangan ba.

Hanya ta biyu ita ce gwada samfurin da abin da aka riga aka sani daga ƙidayar jama'a, sannan a daidaita nauyi. A ce cikin mutum 1,000 da suka amsa, 700 maza ne, 300 mata, alhali a garin rabi da rabi ne. Kashi 66 na mazan sun iya karatu, na matan kuma kashi 46, abin da ya ba da 60 a haɗe. Sai a ba amsar kowane namiji nauyin 0.5 a raba da 0.7, wato kusan 0.71, ta kowace mace kuma 0.5 a raba da 0.3, wato kusan 1.67. Sabon sakamako ya zama rabin 66 da rabin 46, wato 56.

Gyaran ya rage maki 4 ne kawai, kuma akwai dalili. Daidaita nauyi yana ɗauka cewa matan da suka amsa suna wakiltar matan da ba su amsa ba. Amma macen da ke da tarhon kanta, take kuma iya hira da baƙon namiji a kai, ba lalle ta yi kama da wadda sai ta tarhon maigida ake samunta ba. Idan aka ƙara daidaitawa bisa matakin ilimi da wurin zama, sakamakon zai ƙara matsowa, amma ba a iya daidaitawa bisa halin da ba a auna ba, kamar yarda da baƙo. Gyaran yana kuma da farashi, domin yana ƙara kuskuren samfuri: a nan mutum 1,000 sun koma daidai da kusan 840, tazarar kuma ta tashi zuwa kusan maki 3.4.

Hanya ta uku ita ce a san mutanen tun kafin a kira su. A 2020, lokacin da annobar korona ta hana shiga gida-gida, hukumar ƙididdiga ta Nijeriya tare da Bankin Duniya sun gudanar da bincike ta tarho, suka ɗebo lambobin daga gidajen da aka riga aka ziyarta ido da ido a binciken 2018 zuwa 2019. Amfanin haka shi ne, an san halin gidajen da ba su da tarho da waɗanda ba su amsa ba, kamar wurin zamansu da abin da suka mallaka, sai aka yi amfani da wannan sani wajen daidaita nauyi. Inda hali ya yi, abin da ya fi haka ƙarfi shi ne a zaɓi wasu ƴan kaɗan daga cikin marasa amsawa a bi su har gida, domin ta nan ne kaɗai ake jin ainihin amsarsu.

8.0 Kammalawa

Kuskuren samfuri yana zuwa ne daga ɗibar ƙuri'a, ba ya jingina gefe ɗaya, ana lissafa shi, kuma yana raguwa idan samfuri ya ƙaru. Kuskuren da ba na samfuri ba yana zuwa ne daga jeri, ko rashin amsawa, ko tambaya, ko sarrafa bayani. Yakan jingina gefe ɗaya, kuma girman samfuri ba ya taɓa shi. Saboda haka ɗalibin da zai kafa hujja da sakamakon binciken tarho, ko zai fassara shi zuwa Hausa, ya kamata ya nemi sanin daga wane jeri aka ɗebo lambobin, mutum nawa aka kira kafin a sami waɗanda suka amsa, da wane harshe aka yi hirar, da kuma bisa waɗanne halaye aka daidaita nauyi. Wajen fassara kuma kada a ce tazarar kuskure ita ce iyakar kuskuren binciken. A ce ita ce kuskuren da ɗibar samfuri kaɗai ke iya jawowa.

Tambayoyin bita

1. An tambayi mutum 400, kashi 50 suka ce suna sauraron labaran Hausa a rediyo kullum. A lissafa tazarar kuskure.
2. A wani bincike kashi 30 ne suka amsa. Sakamakonsu 70 ne, na marasa amsawa kuma 50. A nemo adadin gaskiya da girman karkata.
3. A rubuta tambaya da Hausa wadda za ta auna iya karatun boko ba tare da an gauraya shi da karatun allo ko na ajami ba.
4. A bayyana dalilin da ya sa daidaita nauyi bisa jinsi bai kawar da karkatar da ke misalin sashe na 7.0 ba.